Wannan hoton na gaskiya ne ko haɗi ne? Tambayoyi da amsoshi kan asalin fayil da bayanan da ke cikinsa

Aikin hoto da gyaransa nake yi a nan Zariya, shi ya sa duk lokacin da wani hoto ya tayar da ƙura sai a turo min a ce malam duba mana, haɗi ne ko ba haɗi ba. Amsata kusan kullum ɗaya ce, a nemo min asalin fayil ɗin daga wayar da ta ɗauka, kuma mutane ba sa son wannan amsar, wasu ma gani suke yi ƙyuya ce ko tsoron faɗin gaskiya. To ga tambayoyin da aka fi yi min da abin da nake cewa a kai.

Malam ga hoton nan a gabanka kana gani, me kuma kake nema da ake kira asali?

Abin da ke gabana kwafi ne wanda WhatsApp ya sake ƙerawa. Asali shi ne fayil ɗin da kyamara ta ajiye a daidai lokacin da aka danna, wanda ke zaune cikin foldar DCIM a wayar mai ɗauka, ba a buɗe shi a wata manhajar gyara an sake ajiyewa ba, ba a tura shi ta wata kafa da ke matse hoto ba.

Bari in sa lissafi don a gane tazarar. Wayoyi da yawa suna ajiye hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsayi 3000, wato ɗigo miliyan 12, nauyinsa ya kai megabait uku ko huɗu. In aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, ɓangaren da ya fi tsawo yakan dawo wajen 1600, sai hoton ya zama 1600 da 1200, ɗigo miliyan 1.92 kenan. Ka ga kashi 16 cikin ɗari ne kawai ya rage, sauran 84 sun tafi ba dawowa. Fuskar mutum da take da faɗin fiksel 100 a asali ta koma 40, kunnensa kuwa 'yan ɗigo ne da ba su taka kara sun karya ba. Kuma a gefen kunne da gashi da bakin hula ne ake kama mai haɗi, wato daidai wurin da matsewar ta fi cinyewa.

Su waɗannan bayanan na cikin fayil, me ke ciki ne?

Ana ce musu metadata, kuma tsarin da kyamarori suka fi amfani da shi sunansa EXIF, masu ƙera kyamara na Japan ne suka fito da shi tun 1995. Rubutu ne da ke maƙale a kan fayil ɗin wanda ba ya fitowa a jikin hoton. Akwai kamfanin wayar da samfurinta, rana da lokacin ɗauka har da sakan, yadda kyamara ta buɗe ido da tsawon lokacin da haske ya shiga, ko an kunna filasha, in kuma mai wayar ya bar wa kyamara damar sanin wuri to har da inda aka tsaya. Sau da yawa akwai ɗan ƙaramin kwafin hoton a ɓoye ciki wanda waya ke amfani da shi ta nuna maka hotuna da sauri a galari.

Manhajar da muka fi karanta su da ita ExifTool ce, kyauta ce, wani Phil Harvey ya fara fitar da ita a 2003 kuma har yau ana sabunta ta. Umarnin da nake fara bugawa:

```
exiftool -a -G1 -s IMG_20231008_162455.jpg
```

A fayil na asali layuka za su zubo da yawa, irin su `Make`, `Model`, `DateTimeOriginal`, `Software`, `GPSLatitude`. A kwafin WhatsApp kuwa abin da za ka gani sunan fayil ne da girmansa da faɗi da tsayi da 'yan bayanan JPEG, shikenan, duk sauran an share.

Maganar wurin nan ba wasa ba ce. A 2012 lokacin da John McAfee mai manhajar kashe bairos ke ɓuya, 'yan jaridar Vice suka saka hotonsa da suka ɗauka da iPhone ba su cire bayanan ba, nan take mutane suka karanta suka ga yana Guatemala.

To in hoton ba shi da waɗannan bayanan, ba alamar an yi masa aiki ba ne?

A'a sam. WhatsApp da Facebook da Instagram duk suna cire su daga kwafin da suke ba jama'a, hoton gaskiya da na ƙarya duk tsirara suke fitowa. Rashin EXIF yana nuna hanyar da hoton ya biyo ne kawai.

Na ga gefen kansa yana da wani farin layi, kuma fuskarsa ta fi ta sauran haske. Wannan ai a fili yake ko?

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawo min kuma ita ce ta fi yaudara. Abubuwa da dama suna kawo irin wannan layin ba tare da kowa ya taɓa hoton ba. Ita kanta wayar tana ƙara kaifi a inda duhu ya haɗu da haske, mutum baƙi sanye da hula a tsaye bayansa farin hazon hunturu, dole ka ga ɗan farin zare a gefensa. Wayoyin yanzu kuma ba hoto ɗaya suke ɗauka ba, suna ɗaukar da yawa a jere su haɗa su zama guda don sama kar ta ƙone fuska kuma kar ta yi duhu, in mutum ya ɗan motsa a tsakani sai ka ga kamar inuwa biyu a hannunsa. Ga yanayin ɗauka da ke dusashe baya ya bar mutum, wanda sau da yawa yake cinye gefen mayafi ko ya bar rami tsakanin hannu da jiki. Ga gyaran fuska da wayoyi irin su Tecno da Infinix ke yi da kansu, su gano fuska su haskaka ta su goge mata ƙuraje, wani lokacin su kama fuskar mutum ɗaya su bar na gefensa saboda ya juya kai, sai a ce ai an ɗora shi ne.

Sai kuma ita matsewar JPEG ɗin. Tana yanka hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 da 8, ta zubar da ƙananan bayanai a kowane gida, kuma inda ta fi barin datti shi ne kusa da layi mai kaifi kamar gefen kai ko rubutu. Duk lokacin da aka sake ajiye hoton ko aka yi sikirinshot aka tura, wani sabon datti ke hawa kan na baya. Kamar fotokopin fotokopi ne da ɗalibai ke yi a Samaru lokacin jarrabawa, in ya kai hawa na biyar ba ka iya cewa wannan baƙin tabon na alƙalamin malami ne ko na inji.

Abin kuma yana aiki ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya iya haɗi ya san haka, sai ya gama aikinsa a babban hoto ya rage shi ya tura ta WhatsApp sau biyu, matsewar ta shafe masa sawu. Saboda haka kwafin da ya yi tsaf bai wanke kowa ba, wanda ya yi datti ma bai kama kowa ba.

Ba akwai shafin da ake sa hoto ya nuna inda aka taɓa ba? Wani yaro ya yi min ya fito da kala-kala.

Akwai, sunansa FotoForensics, dabarar kuma ana rubuta ta ELA, wani masani Neal Krawetz ne ya yaɗa ta wajen 2007. Abin da take yi shi ne ta sake matse hoton ta kwatanta da wanda ka sa, inda bambanci ya yi yawa sai ya yi haske. Tunanin shi ne in an ɗauko wani yanki daga wani hoton daban, tarihin matsewarsa ba zai yi daidai da na sauran ba.

Matsalar ita ce rubutu da gefen abubuwa da jan launi da zanen atamfa duk suna yin haske a wannan gwajin ko ba a taɓa su ba, su kuma wurare masu santsi kamar sama ko bango suna yin baƙi. Yaron ya ga riga mai aiki ta yi walƙiya sai ya zana jan da'ira ya ce ga shi an kama. Sannan in hoton ya riga ya sha matsa sau uku huɗu, komai ya zama mataki ɗaya, ainihin wurin da aka taɓa ma ba zai fito ba. Ni ina amfani da ita ne a kan asali, kuma ko nan ma tana nuna min inda zan ƙara dubawa ne, ba na yanke hukunci da ita.

Ka ba mu misali mu ga yadda asalin ke canza magana.

To mu ƙaddara irin rigimar da aka saba ji. Fili ne a wajen Dakace, mai saye ya ce ya biya a watan Fabrairun 2024 a gaban mai filin da dillali da shaida, ga hoto ma, mutum huɗu tsaye gaban katangar bulo, mai filin riƙe da takarda. Mai filin ya ce shi bai karɓi ko sisi ba, bai ma je wurin a wannan watan ba, 'ya'yansa suka ce ɗora shi aka yi, ku dubi gefen hularsa.

Fayil ɗin da ke yawo sunansa `IMG-20240219-WA0012.jpg`, 1600 da 1200, bai kai kilobait 200 ba. Mai saye yana nuna sunan yana cewa ga kwanan wata nan, 19 ga Fabrairu. To wannan kwanan watan ranar da hoton ya shigo wannan wayar ta WhatsApp ce, ba ranar da aka ɗauka ba, hoton da aka ɗauka shekara goma baya in aka turo maka shi yau da kwanan yau zai zauna. Da wannan fayil ɗin kaɗai ba abin da zan iya cewa, ba zan ce an ɗora dattijon ba, ba zan ce ba a ɗora ba.

Sai a tambaya wa ya ɗauka, a ce dillali. A je wayarsa, a cikin DCIM a samu `IMG_20231008_162455.jpg`, 4000 da 3000. A karanta:

```
DateTimeOriginal : 2023:10:08 16:24:55
ImageSize        : 4000x3000
GPSLatitudeRef   : North
GPSLongitudeRef  : East
```

Wurin ya faɗo wajen digiri 11 arewa da 7 da ɗoriya gabas, yankin Zariya kenan, in aka sa a taswira ya sauka kan filin. Sai in ciro ɗan ƙaramin hoton da ke ɓoye:

```
exiftool -b -ThumbnailImage IMG_20231008_162455.jpg > karami.jpg
```

Shi ma mutum huɗu ne, dattijon na ciki. Dalilin duba wannan shi ne wasu manhajojin gyara suna canza babban hoton su manta da ƙaramin, sai ka ga babba mutum huɗu ƙarami mutum uku. Daga nan in zuƙo babban sosai, in ga farin layin nan na gefen hula yana nan a kan kowa har da saman katanga, kaifin waya ne. Sai in duba maƙwabtansa a foldar, akwai wani da aka ɗauka ƙarfe 16:24:51 da wani 16:25:03, a ɗaya dattijon ya rufe ido a ɗaya ya juya yana magana. Mai haɗi ba kasafai yake zama ya haɗa hotuna uku da tsayuwa daban-daban ba.

Ka ga abin da ya fito. 'Ya'yan ba su da gaskiya, ba a ɗora mahaifinsu ba. Shi ma mai saye hoton bai taimake shi ba, don an ɗauke shi ne a Oktoban 2023, wata huɗu kafin ranar da ya ce ya biya, wataƙila ranar da aka je ganin fili ne. Ko fiksel ɗaya ba a taɓa ba, labarin da aka ɗora wa hoton ne bai dace da shi ba, kuma da za a shekara ana zuƙo kwafin WhatsApp ɗin nan ana gardamar hula ba za a taɓa gano haka ba. Ko an biya kuɗin ko ba a biya ba kuwa, wannan ba aikin hoto ba ne, a nemi rasit da shaidar banki.

Amma ai su ma bayanan ana iya canza su ko?

Ƙwarai kuwa, da layi ɗaya ma:

```
exiftool -AllDates="2024:02:12 10:00:00" hoto.jpg
```

Ko kuma tun kafin ɗauka mutum ya mayar da agogon wayarsa baya. Shi ya sa ba na karanta layi ɗaya in ce shikenan. Abin da ake nema shi ne ko komai ya yarda da juna. Sunan fayil ya ce 8 ga Oktoba, EXIF ma ya ce haka? Lokacin da ke tare da bayanin wuri, wato `GPSDateStamp` da `GPSTimeStamp`, a bisa ƙa'ida agogon duniya yake bi, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya, saboda haka 16:24 namu ya kamata ya zama wajen 15:24 a can, kuma umarnin da na nuna a sama ba ya taɓa wannan layin, mai gaggawa sai ya canza ɗaya ya bar ɗaya. Faɗi da tsayin hoton irin wanda wannan samfurin wayar ke fitarwa ne? Layin `Software` sunan tsarin wayar ne ko ya ce Snapseed ko Photoshop? In mai wayar yana ajiya a Google Photos, yaushe hoton ya hau can? Wannan ba ya hannun mai waya ya mayar da shi baya.

Har rana ma tana ba da shaida. A Zariya cikin Mayu da Yuni da Yuli rana tana bi ta arewa da mu, da tsakar rana inuwa kudu take faɗuwa, a Disamba kuwa arewa take faɗuwa kuma ta fi tsawo. In fayil ya ce Disamba ƙarfe ɗaya na rana inuwa kuma ta nufi kudu a wurin da ka san gabas da yamma, akwai magana. Amma ka lura sai da fayil ya faɗi lokaci sannan na samu abin da zan gwada inuwar da shi.

Canza layi ɗaya abu ne mai sauƙi, amma a ƙirƙiro ƙaryar da duk waɗannan za su yarda da ita lokaci guda aiki ne babba, kuma yawancin masu yi ba su san da rabin wuraren ba.

In layin Software ya nuna manhajar gyara, an kama shi kenan?

An tabbatar an buɗe an sake ajiyewa, iyakarta kenan. Duk hoton biki da ya fita daga shagona ya bi ta manhajar gyara, haske na gyara, na daidaita launi, ban ƙara amarya ba. Abin da wannan layin ke gaya maka shi ne wannan fayil ɗin ba shi ne asali ba, akwai wani kafinsa, a nemo shi a jera su biyu a ga me ya canza.

Manyan kafafen labarai fa, su ma sai sun nemi asali?

Su ne ma suka fi nacewa. Gasar hotunan 'yan jarida ta World Press Photo tana sa waɗanda suka kai matakin ƙarshe su kawo fayil ɗin kyamara, sau da yawa ɗanyen fayil da ake kira RAW, a kwatanta da wanda suka shigar. A 2015 an cire kusan kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka kai zagayen kusa da ƙarshe bayan wannan kwatancen, hotunan da alƙalai ƙwararru suka kalla da ido suka wuce da su. A 2013 kuma akasin haka aka yi, aka zargi Paul Hansen cewa hotonsa na jana'izar yara a Gaza da ya ci gasar haɗi ne, masana suka duba ɗanyen fayil ɗin suka ce an gyara haske da launi amma ba a haɗa komai ba. Haka a Maris 2024 da fadar Kensington ta Birtaniya ta fitar da hoton gimbiya Kate da 'ya'yanta, kamfanonin labarai irin su AP da Reuters suka janye shi saboda alamun gyara, hannun rigar 'yarta bai daidaita ba, daga baya ita gimbiyar ta ce ta yi gyara. Amma me aka canza daidai, daga hotuna nawa, wannan jama'a hasashe kawai suka yi ta yi tunda ba a fitar da asalin ba.

To ba a taɓa kama haɗi ba tare da asali ba kenan?

Ana kamawa in aikin ya yi muni ko kuma an samo inda aka ɗauko. A 2006 Reuters ta raba gari da mai ɗaukar hoto Adnan Hajj saboda hayaƙin da ya ƙara a hoton Beirut, curin hayaƙi iri ɗaya yana maimaita kansa ƙuru-ƙuru. A 2008 an ga hoton gwajin makaman Iran da rokoki huɗu suna tashi, sai ga wani kwafin ya fito da uku, na huɗun yana ƙasa bai tashi ba. Haka in ka sa hoto a Google Lens ko TinEye masu nemo inda hoto ya taɓa fitowa, ka same shi a wani shafi tun shekaru biyar baya daga wata ƙasa, ka gama da maganar cewa jiya aka ɗauka a Tudun Wada.

Wato kwafi yana iya isa a ƙaryata hoto wani lokacin. Abin da ba ya iya yi shi ne ya gaskata shi. In na duba ban ga komai ba, abin da zan ce shi ne ban ga komai ba a wannan kwafin, kuma don Allah kar a je a ce malam ya duba ya ce gaskiya ne, an sha juya min magana haka.

Yaya zan karɓo asalin ba tare da na lalata shi ba?

Mafi kyau a haɗa wayar da kwamfuta da igiya a kwafo daga DCIM kai tsaye, tare da hotunan da ke gaba da bayansa. In nesa ne a tura ta WhatsApp amma ta maɓallin `Document`, ba ta galari ba, ko a liƙa shi a imel, ko a sa a Google Drive. Maɓallin `HD` da suka ƙara a 2023 ya fi na da kyau amma har yanzu matsewa ce, ba asali ba ne. Mai iPhone ya sani hotonsa yawanci HEIC ne, in wajen turawa ya koma JPG to an riga an sauya shi, a nemi mai ƙarshen `.HEIC` ɗin. Kar a yanke gefe, kar a juya shi, kar a zana kibiya a kai, kar a canza masa suna. Sikirinshot kuwa sabon hoto ne na fuskar waya, lokacin da ke jikinsa lokacin da ka danna ne.

Da zarar ya iso a ɗauki lambar shaidarsa kafin a yi komai. A Windows:

```
certutil -hashfile IMG_20231008_162455.jpg SHA256
```

Zai fito da haruffa da lambobi 64. A rubuta su a takarda da kwanan wata, wanda ya bayar da wanda ya karɓa su sa hannu. Ko ɗigo ɗaya aka canza daga baya lambar gaba ɗaya za ta sauya, saboda haka ba mai cewa an taɓa shi a hannunka. Aiki kuma a kan kwafi ake yi, shi wancan a ajiye.

Yallabai, wayar da aka ɗauka da ita ta ɓace, ko an yi mata filashin. Shikenan?

Ba lallai ba. A duba Google Photos ko iCloud na mai wayar, a duba katin memori in akwai, a duba kwandon shara na galari wanda yakan riƙe abin da aka goge wajen kwana 30. Kwafin Google Photos ko da an ɗan rage masa nauyi yakan riƙe kwanan wata da samfurin waya. In duk babu, a bi sawun turawa a koma baya, wa ya turo maka, shi wa ya turo masa, har a kai kwafi mafi tsufa kuma mafi girma. Sannan a tambaya ko wani ma ya ɗauka a wurin, a taron suna ko ɗaurin aure da wuya a ce waya ɗaya ce ta ɗauka, hoto na biyu daga wata kusurwa yakan fi duk wani gwaji amfani.

An ce ana iya gane wayar da ta ɗauki hoto ko da an goge bayanan. Gaskiya ne?

Akwai wannan ilimin. Idon kowace kyamara yana da 'yar tawaya tasa tun daga masana'anta, wasu ɗigon suna karɓar haske fiye da wasu kaɗan, sai ya bar wani zane marar ganuwa a duk hoton da ya ɗauka. Jessica Fridrich da abokan aikinta a jami'ar Binghamton ta Amurka suka bayyana hanyar a 2006. Sai dai ana buƙatar ita kyamarar ko tarin hotunanta na asali don a fitar da zanen, kuma rage girma da matsewa suna raunana shi sosai, ga wayoyin zamani da ke haɗa hotuna da yawa suna ƙara dagula lissafin. Aikin ɗakin bincike ne, ba na shago irin nawa ba.

Kotu za ta karɓi hoton WhatsApp?

Wannan lauya za a tambaya. Abin da zan iya faɗa shi ne dokar shaida ta Najeriya ta 2011, sashe na 84, ta yi sharuɗɗa kan duk abin da na'ura ta fitar, har da takardar shaida da ke bayanin na'urar da yadda aka samo abin. Karɓa daban, nauyin da alƙali zai ba shi daban, kuma lauyan ɗaya ɓangaren tambayarsa ta farko ita ce wa ya ɗauka, da wace waya, ina take yanzu. In kana ganin magana za ta kai can, kar ka sayar da wayar, kar ka kai ta filashin.

Hajiya ta ce an haɗa hoton 'yarta da wani ana yaɗawa, ita ina za ta samo asali tunda ba su suka yi ba?

Ranki ya daɗe, a nan asalin da za a nema shi ne na hoton da aka yanko fuskar daga ciki. Kusan kullum daga wani hoton yarinyar ne da ta taɓa sakawa a sitatus ko a shafinta, na biki ko na makaranta. In aka same shi a wayarta da bayanansa cikakku, da kwanan watan da ya riga fitowar na ƙaryar, aka jera su aka ga karkatar kai ɗaya ce, ɗaurin ɗankwali ɗaya, hasken da ke kan kumatu ɗaya alhali a hoton ƙaryar hasken jikin ta wani gefen yake zuwa, wannan hujja ce da ko wanda bai san kwamfuta ba zai gani da idonsa. A ajiye na ƙaryar yadda ya zo, a yi sikirinshot na inda aka saka shi da sunan mai sakawa da lokaci, kar a ci gaba da tura shi ga dangi wai don a tambayi ra'ayinsu, sannan a kai wa lauya ko 'yan sanda duka biyun tare da wayar yarinyar.